Digiri na biyu: na aji zan karɓa ko na bincike?

Assalamu alaikum Malam. Ina da digiri na farko a ilimin ƙananan halittu, kuma shekarata biyar ina aiki a ɗakin gwajin ruwan sha. Jami'o'i biyu a Birtaniya sun ba ni gurbin digiri na biyu, kowanne na shekara guda. Ɗaya MSc ne a kiwon lafiyar al'umma, na zuwa aji. Ɗayan MRes ne, na bincike, kan ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwa. Burina in bar ɗakin gwaji in koma inda ake sa ido kan ɓarkewar cututtuka, amma hannuna bai faɗa a ƙididdiga ba. Ban yanke shawarar yin digiri na uku ba, ba na kuma so in rufe ƙofarsa. Wani abokin aikina ya ce na aji saye ake yi, na bincike shi ne digiri na gaske. Wanne zan karɓa?

Wata mai karatu

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Ki karɓi na ajin. Akwai sharaɗi guda da in ya cika zan janye wannan magana, zan zo kansa, amma sai na fara nuna miki yadda na yi lissafina, don in kin ga na yi kuskure a wani wuri ki gyara da kanki.

Abokin aikinki ki bar shi da ra'ayinsa. A tsarin jami'o'in Birtaniya duka biyun mataki ɗaya suke, kuma nauyin aikinsu ɗaya ne a takarda: kiredit 180, kowane kiredit kuma ana ƙiyasta shi a matsayin awa goma na aikin ɗalibi, da na aji da na karatun kansa. Awa 1,800 ke nan cikin wata goma sha biyu, ko wanne kika ɗauka. Abin da ya raba su shi ne yadda aka kasa waɗannan awoyin. A na aji, yawanci kiredit 120 kwasa-kwasai ne, sauran 60 kuma kundin bincike ne da ake rubutawa a watannin ƙarshe. A MRes sai a juya rabon, ya zama wajen 60 na horo, 120 na bincike, kodayake jami'o'i suna ɗan saɓa wa juna a nan. Idan kika mai da shi makonni, a kan awa arba'in kowane mako, mai na aji tana da kusan mako 30 na koyo da mako 15 na bincike. Mai MRes tana da mako 15 na koyo da mako 30 na bincike. Kuma ki lura, ɗan koyon da ke cikin MRes galibi koyon yadda ake bincike ne: tsara gwaji, ɗa'ar bincike, rubutun ilimi, da ɗan ƙididdiga. Ba a shirya shi don ya koya miki sabon fanni daga tushe ba. An ɗauka da fanninki kika zo.

A na aji, wani ne ya riga ya zauna ya yanke abin da ya kamata ki sani, ya jera shi mako-mako, ya sa ranar miƙa kowane aiki. In kin yi sakaci a mako na huɗu, sakamakon mako na shida zai tashe ki daga barci. A na bincike, tambayar taki ce, kalandar ma taki ce. Za ki iya shafe wata biyu kina ta karatu kina jin kina aiki, alhali ba ki gusa daga inda kike ba, kuma babu makin da zai fito ya gaya miki. Mai duba aikinki wataƙila sau ɗaya a mako biyu za ku zauna, wani lokaci sau ɗaya a wata. Na ga ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa, waɗanda ba su taɓa faɗuwa jarrabawa ba, sun narke a wannan shirun, don tun suna yara ba su taɓa zama babu wanda ke gaya musu abin da za su yi gobe ba.

Bari mu ɗauki misali daga aikin hannunki, ki ga yadda tambaya ɗaya take zama abu biyu daban a digirorin nan. A ce kin daɗe kina lura cewa ruwa yana barin wurin tacewa da isasshen sinadarin kulorin, amma in an ɗebo shi daga tankunan ajiya bayan 'yan kwanaki sai a samu ƙwayar cutar E. coli a ciki. Kin san ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya: bai kamata a samu E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha ba, kuma ana so ragowar kulorin ya kai aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita a inda ruwan ya isa ga mai sha. Tambayarki ita ce, a kwana na nawa kulorin yake faɗuwa ƙasa da wannan, kuma zafi ne yake jawo hakan ko irin tankin?

A MRes za ki amsa wannan da samfuran da kika ɗebo da kanki. Amma makonnin nan 30 ba duka ne na ɗiban ruwa ba. Ki cire kamar huɗu na neman izinin shiga wuraren da tankunan suke da kuma amincewar masu kula da tsaron ɗakin gwaji. Ki cire wasu huɗu na gwada hanyar aikin har ta zauna, don a karon farko kusan kullum wani abu yakan ƙi. Ki ajiye shida na ƙarshe don nazarin alƙaluma da rubutu. Saura mako 16. In kina bin tanki 20 sau ɗaya a mako biyu, ziyara takwas ke nan, samfur 160. Sai ki ga matsalar farko: wata huɗu ba zai haɗa miki tsakiyar zafi da tsakiyar sanyi ba, don haka rabin tambayarki, wato na zafi, ya riga ya raunana kafin ki fara. Matsala ta biyu ita ce wadda ta shafe ki kai tsaye. Samfuran nan 160 ba ɗiba 160 ba ne masu zaman kansu, tunda daga tanki ashirin ɗin nan dai suka yi ta fitowa. In kika lissafa su kamar kowanne daban yake, za ki samu sakamakon da yake nuna tabbacin da babu shi, kuma mai jarrabawa zai gano a kallo ɗaya. Akwai hanyoyin ƙididdiga da aka tanada don awon da ake maimaitawa a kan abu guda, amma sai wanda ya riga ya zauna da tushen ƙididdigar yake iya hawa kansu. Ke za ki riƙa koyon tushen ne da dare, kina ɗibar ruwa da rana.

A MSc ɗin kuwa, wata bakwai ko takwas na farko za su tafi a kan abin da ba ki da shi: ilimin yaɗuwar cututtuka, ƙididdigar lafiya, yadda ake bin diddigin ɓarkewar cuta, yadda ake auna ko wani shiri ya yi aiki. Idan kin zo kundi, mako 15 ba za su ishe ki ɗibar sabbin samfura ba, kuma mai duba aiki mai hankali ba zai bar ki ki gwada ba. Abin da za ki yi shi ne ki nemi izinin amfani da alƙaluman da aka riga aka tara, misali sakamakon gwajin ruwa na shekara uku, ki nazarce su da kayan aikin da aka koya miki. Kundin zai kai kalma dubu goma zuwa dubu ashirin, gwargwadon dokar sashen. Ba za ki gano wani abin da zai girgiza duniya ba, amma za ki fito kina iya karɓar tarin alƙaluma ki fitar da magana daga cikinsu, kuma abin da masu sa ido kan cututtuka suke yi kullum ke nan. Iya sarrafa kayan ɗakin gwaji kuwa kina da shi tun tuni. MRes zai ƙara wasa wuƙar da take da kaifi ne, ya bar dakusasshiyar a kube.

Sai maganar da ba a cika gaya wa masu neman gurbi ba, wato abin da yake faruwa in abu ya lalace. A na aji kina ƙarƙashin malamai shida ko takwas. In ɗaya bai iya koyarwa ba, kin yi asarar kwas guda, ki haƙura ki karanta da kanki. Kuma kiredit ɗin suna taruwa: a yawancin jami'o'in Birtaniya, wanda ya ci 60 ya kasa ci gaba yana iya fita da takardar shaida ta gaba da digiri, PGCert, wanda ya ci 120 bai gama kundi ba yana iya fita da difloma ta gaba da digiri, PGDip. Ba abin da aka je nema ba ne, amma ba hannu rabbana aka dawo ba. A na bincike kusan komai ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya da aiki ɗaya. Na taɓa zama a kwamitin da ya duba lamarin wani ɗalibi da mai duba aikinsa ya koma wata jami'a a tsakiyar shekara. Wanda aka ba shi a madadin mutumin kirki ne, amma bai san fannin ba. Yaron ya gama, sai dai da jinkirin watanni, kuma kuɗin zaman waɗannan watannin daga aljihunsa ya fito. Babu wanda ya cuce shi da gangan. Tsarin ne haka, igiya ɗaya ce ta riƙe kayan.

Wani abin kuma, kada sunan digiri ya rufe miki ido, ke ko duk mai karanta wannan shafi da yake neman gurbi. An ce suna linzami ne, amma a harkar digiri na biyu linzamin yakan ja mutum ya kai shi wani wuri daban. A yawancin jami'o'in Birtaniya MPhil digirin bincike ne zalla, na kimanin shekara biyu, da kundi babba da jarrabawar baka a gaban masu jarrabawa. Amma a Cambridge akwai MPhil da yawa da na aji ne, na shekara guda ko ƙasa da haka, a Oxford kuma akwai MPhil na shekara biyu da kwasa-kwasai suke da babban kaso a ciki. A tsofaffin jami'o'in Sikotland, irin su Edinburgh da Glasgow, MA a fannonin adabi da zamantakewa yana iya zama digiri na farko ma. Shi kansa MSc akwai na aji akwai na bincike. Don haka abin dubawa shi ne shafin tsarin karatun: kiredit nawa ne na kundi, akwai jarrabawar baka ko babu, kuma an nemi ki kawo tsarin binciken da kike son yi tare da takardar neman gurbi ko ba a nema ba. Inda aka ce sai kin samo malamin da ya yarda zai duba aikinki kafin a ɗauke ki, to na bincike ne, ko me aka rubuta a kansa.

Yanzu ƙofar digiri na uku, wadda na ga ita ce ta fi hana ki barci. A Birtaniya MSc na aji ba ya rufe ta. Mutane da yawa ta nan suka shiga, matuƙar sakamakon ya yi kyau. Galibi 50 ne makin ci, 60 mataki na tsakiya, 70 mataki na sama, kuma masu ɗaukar ɗaliban digiri na uku sukan fi zura ido kan makin kundin da kuma wasiƙar wanda ya duba shi. A Amurka ma ana shiga digiri na uku, wato PhD, kai tsaye daga digiri na farko, don shekarun farkonsa na kwasa-kwasai ne. Inda za ki yi hattara shi ne ƙasashen da suke auna yawan binciken da ke cikin digirinki. Ostireliya ta raba na aji da na bincike a fili cikin tsarin takardun shaidarta, inda digiri na biyu na bincike dole aƙalla kashi biyu cikin uku na aikinsa ya zama bincike, kuma jami'o'inta sukan nemi shaidar bincike mai kauri kafin su ɗauki ɗalibin PhD. A Kanada ma akwai mai kundi da mai kwasa-kwasai zalla, kuma sassa da yawa mai kundi suke so. A nahiyar Turai, tun bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999, digiri na biyu a ƙasashe irin su Jamus yawanci shekara biyu ne, kiredit 120 a ma'aunin Turai da ake kira ECTS, alhali kiredit 180 na Birtaniya daidai yake da ECTS 90, don haka wasu wuraren sukan tsaya su duba kafin su karɓa. Abin da yake rufe ƙofa da gaske shi ne digirin da babu kundi a cikinsa sam, wanda aka maye gurbin kundin da aikin rukuni ko ƙarin kwasa-kwasai. Ki buɗe shafin MSc ɗinki yau ki tabbatar kundi ne na mutum ɗaya, mai kiredit 60. In haka ne, hankalinki ya kwanta.

Maganar saye da abokinki ya yi tana da ɗan tushe, ba zan ɓoye ba. Jami'o'i suna samun kuɗi sosai daga digirorin aji, wasu azuzuwan sun cika maƙil, kuma tallafin karatu ya fi karkata ga masu bincike, musamman a Kanada da Ostireliya inda ɗalibin bincike yakan samu alawus. Amma a Birtaniya MRes na shekara guda ma sau da yawa ɗalibi ne yake biya, kuma a fannonin ɗakin gwaji akan ɗora masa kuɗin kayan aiki a kan kuɗin makaranta. Ki tambaye su wannan a rubuce kafin ki kwatanta tsadar biyun, don mutane sukan gano shi ne bayan sun isa.

Na bincike ya dace da mutumin da zai tsaya a fannin da ya riga ya sani, yana da tambayar da ta daɗe tana damunsa, yana iya tashi da safe ya tsara wa kansa aiki ba tare da an bi shi ba, kuma yana hangen koyarwa a jami'a ko aikin bincike. Ya kuma dace da mai shakkar ko zai iya jure PhD, don gara ya gwada da shekara ɗaya ya ji a jikinsa, da ya shiga na shekara uku ko huɗu ya gane a tsakiya. Na aji ya fi wa mai sauya fanni, da mai giɓin da ya san sunansa, da wanda aikin da yake nema yake bukatar wata takardar da ƙungiyar masu sana'ar ta amince da ita. Biyu daga cikin ukun nan ke ce.

Ga sharaɗin da na ce. Ki ɗauki mako guda ki rubuta shafi ɗaya, ba ƙari: tambayar da kike son amsawa a jimla ɗaya, abin da za ki auna, sau nawa, cikin makonni nawa, da kuma sakamakon da in kika gan shi za ki yarda hasashenki kuskure ne. Wannan na ƙarshen shi ne yake kayar da mutane. Idan shafin ya ƙi fitowa, ko kika ga kina jan ƙafa kina neman uzuri, kin samu amsarki. Idan kuwa ya fito cikin sauƙi, har kika tsinci kanki kina tunaninsa a lokacin da ba ki yi niyya ba, to ki aika wa malamin da zai duba aikinki a MRes ɗin. Ki tambaye shi ɗalibai nawa yake dubawa a yanzu, sau nawa yake zama da kowanne, ko yana da shirin tafiya hutun bincike a shekarar, ko aikin yana da kuɗi da samfura a ƙasa, kuma ko za a bar ki ki ɗauki cikakken kwas na ƙididdiga daga wani sashe. Ki roƙe shi ya haɗa ki da ɗalibi ɗaya da ya gama a hannunsa. Yadda ya amsa, da kwanakin da ya ɗauka kafin ya amsa, su ma amsa ce. In shafin ya yi kyau, malamin ya nuna yana da lokacinki, ga tallafi, ga kwas ɗin ƙididdiga, to na janye, ki tafi MRes, amma ki tafi da sanin cewa kin zaɓi zama mai bincike ne, kin ɗage komawa sashen sa ido zuwa wani lokaci. Taura biyu ba ta taunuwa a shekara guda.

In kuma kin bi shawarata ta farko, kada ki jira sai an raba jerin batutuwan kundi a zango na biyu, lokacin da kowa yake rububin malamai 'yan kaɗan. Tun kafin ki tafi, ki nemi izini a rubuce daga wurin aikinki na amfani da tsofaffin sakamakon gwajin ruwa, a cire duk abin da zai nuna gida ko mutum, don kwamitin ɗa'a na jami'ar zai nemi ganin wannan takarda, kuma jiranta kaɗai yana iya cinye kashi ɗaya cikin uku na makonninki 15. A watan farko ki gano malamin da yake aiki kan ruwa da tsafta a sashen, ki je ofishinsa da shafin nan ɗaya a hannunki. Duk kwas na zaɓi da ya shafi ƙididdiga ki ɗauke shi, ko da zai rage miki maki, musamman wanda ake koyar da manhajar ƙididdiga ta R ko Stata a cikinsa.

Allah Ya yi miki zaɓin alheri.